Yadda Ake Raba Tagar Excel Don Kwatanta Lissafin Da Ke Nesa Da Juna

Wani yaro da nake koya wa aikin lissafi a shagon hatsi kusa da babbar kasuwar Maradi ya kwashe kusan awa ɗaya yana murza linzami, ya hau sama ya sauko ƙasa. Kuɗin buhunan wake na watan Janairu yake so ya gwada da na Oktoba, ga na farko a layi na 40, ga na biyu can a layi na 1,600. Kafin ya iso ƙasa ya manta adadin da ya gani a sama, har ya koma rubutawa a bayan hannunsa.

Idan abubuwan biyu a shafi ɗaya suke, raba tagar kawai. Galibin injunanmu da Faransanci suke, don haka shiga Affichage ka danna Fractionner. Wanda ya sayo tasa daga Katsina ko Kano zai ga View, sannan Split. Amma kafin ka danna, duba gidan da ka tsaya a kai, domin Excel yana yanka tagar ne daga saman gidan da kuma hagunsa. Tsaya a A20, za ka samu yanka ɗaya a kwance, sama da ƙasa. Tsaya a wani gida na layi na 1, kamar F1, yankan zai zo a tsaye. Idan kuwa ka tsaya a tsakiya, kamar D15, ko a kan A1, tagar za ta rabu gida huɗu, kuma nan ne sababbin hannu ke rikicewa. Ni ban taɓa ganin amfanin gida huɗu a ƙaramin allo ba, kullum daga sahun A nake yankawa.

Yanzu murza ɓangaren sama zuwa layi na 40, sannan danna cikin ɓangaren ƙasa, ka latsa F5, ka rubuta A1600, ka tabbatar. Sama na nan a Janairu, ƙasa ta tafi Oktoba. Sandar da ke tsakani kana iya jan ta sama ko ƙasa, in ka gama ka danna ta sau biyu ta ɓace.

Sai dai Fractionner ba ya nuna shafi biyu. Idan sayayya tana shafi ɗaya, bashin 'yan kasuwa yana wani, taga ta biyu kake buƙata: Affichage, sannan Nouvelle fenêtre, wato New Window. Dubi sunan fayil ɗin a can sama, za ka ga an ƙara masa lamba 2, na farkon kuma yana da 1. Daga nan danna Réorganiser tout, zaɓi Vertical, ka sa alama a Fenêtres du classeur actif don kada sauran fayilolin da ke buɗe su cuso kansu. A kowace taga buɗe shafin da kake so.

Don Allah a ji wannan da kyau: taga ta biyu ba kwafi ba ce. Fayil ɗin ɗaya ne, ta ƙofa biyu kake leƙa shi. Yaron nan ya ɗauka gwaji yake yi a kwafi, ya goge layuka goma sha biyu a taga ta 2, ya adana, ya rufe. Da safe jimillar wata ta ragu da jika ɗari huɗu da hamsin, maigida ya ce, "Malam, ina kuɗina suka shiga?" Sai da muka koma kan littafin takarda muka sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya. Tun ranar, duk wanda zan koya wa sai na sa shi ya rubuta 500 a wani gida da ba komai a taga ta 1, ya ga da idonsa ya fito a taga ta 2 nan take, sannan ya goge.

Wajen rufewa ma akwai tarko. Sabuwar taga ba ta gadon kan layin da ka kafe da Figer les volets a ta farko. In ka rufe ta 1 ka bar ta 2 ka adana, gobe za ka tarar kan layin yana gudu tare da sauran, sai ka sake kafe shi. Saboda haka ta 2 ake fara rufewa, a adana daga baya. In ka adana alhali duka biyun suna buɗe, tare za su dawo duk lokacin da aka buɗe fayil ɗin.

Akwai kuma Côte à côte, wanda ke sa tagogin su riƙa tafiya tare. Yana da kyau in jerin biyu tsarinsu ɗaya ne, kamar lissafin bara da na bana. In kana so ɗaya ta tsaya a kan jimilla kana yawo a ɗayar, kashe Défilement synchrone. Ctrl+F6 yana tsallakar da kai daga wannan taga zuwa waccan ba sai ka taɓa linzami ba.