Kurakuran Masu Koyon Saurin Karatu

Duk lokacin da jarrabawar ƙarin girma ta matso, sai wani matashi a ofishinmu a nan Abuja ya zo mini da tallar kwas a waya: wai za a koya maka karanta kalma 1,000 a minti ɗaya. Na gaji da maimaita bayani, shi ya sa na rubuta.

Kuskure na farko shi ne yarda da adadin ba tare da tambayar yadda ido ke aiki ba. Ido ba ya zamewa a kan layi. Tsalle yake yi ya tsaya, kuma kowace tsayawa takan ɗauki kusan kwatan daƙiƙa. A tsayawa ɗaya, abin da kake iya amfana da shi bai wuce haruffa 15 ta dama da uku ko huɗu ta hagu ba. Shi ya sa babban mutum mai karatu sosai yake yin kalma 200 zuwa 300 a minti. Tun 1959 da Evelyn Wood ta fara kwasa-kwasanta a Amurka ake alkawarin ninka wannan, amma a wani nazari da aka wallafa a 2016, masanin yadda ido ke karatu Keith Rayner da abokan aikinsa sun bi binciken da aka tara, suka nuna cewa in gudu ya ninka haka, fahimta ce ke biyan kuɗin.

Kuskuren da ya ci ni kuwa shi ne hana ido komawa baya. Na biya kuɗin kwas na kwana biyu a wani ɗakin taro a Wuse. Malamin ya ce mu ɗora biro ƙarƙashin layi mu ja shi, kada mu kuskura mu waiwaya, wai waiwaye ɗabi'ar raggo ce. Haka na bi ta kan littafin dokokin aikin gwamnati, ina murna na cinye babi mai kalma kusan 3,000 a minti biyar. Ranar jarrabawa aka yi tambaya a kan wani sashe da na tabbata na karanta. Na san shafin, har na tuna yana ta hannun dama. Amma sashen yana da togaciya a ƙarshe, irin "sai dai idan", kuma a kan togaciyar aka yi tambayar. Ban ci jarrabawar ba, na jira wata shekarar, ina gani waɗanda muka shigo tare suka wuce ni.

To ku saurara, 'yan'uwa! Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na motsin idon ƙwararren mai karatu komawa baya ne, kuma yawanci gyara yake yi: ƙwaƙwalwa ta ji jimla ba ta zauna ba, sai ta mai da ido inda aka yi tuntuɓe. Wanda ya hana ka wannan ya cire maka birki ne. Manhajojin da ke walƙo kalma ɗaya-ɗaya a fuskar waya ma ciwonsu ke nan, kalmar da ta wuce ta wuce. Ku yi lissafin da kanku: babin nan, da na bi shi a kan kalma 240 a minti, minti goma sha biyu da rabi ne kacal. Minti bakwai da rabi na tsira da su, na rasa shekara.

Kuskure na uku da ke ɓata mini rai shi ne cewa a kashe muryar da ke karantawa a zuci. Wannan murya ita ke riƙe farkon doguwar jimla har ka kai ƙarshenta. A Hausa ma abin ya fi tsanani, domin rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Ka ga "gari": na zama ne ko na tuwo? "Kuka": hawaye ne ko miya? Sai jimlar ta faɗa maka, ka ji ta a kunnen zuci.

Kada ka auna kanka da littafin da ka riga ka san labarinsa, sanin da ka riga ka yi ne ke amsa maka.

Kada kuma ka raina leƙe. Duba kanun labarai da jimlolin farko don neman abu ɗaya dabara ce mai kyau, a dai kira ta da sunanta.

Ga abin da nake yi yanzu, ban ce dole kowa ya bi ba. Nakan leƙa babi na minti biyu in ga inda ya dosa. Sannan in karanta da gudun da na saba, da fensir a hannu, ina zagaye duk "sai dai", "banda" da "matuƙar". Daga nan in rufe littafin, in faɗi abin da ke ciki da Hausa, da ƙarfi, kamar ina yi wa ƙanena bayani. Inda bakina ya sarƙe, nan ne ban gane ba, sai in koma can kaɗai. Na kuma lura sashen da na san kalmominsa yakan tafi da sauri da kansa, don haka duk baƙuwar kalmar Turanci nakan rubuta ta da ma'anarta a bayan littafin kafin in wuce shafin.