Yadda Ake Zaɓen Kyamarar Tsaro Don Ƙaramin Shago

Kafin mai shago ya tambayi farashin kyamara, ya kamata ya tsaya a cikin shagonsa ya tantance wuraren da yake son gani. A shago mai ƙofa ɗaya, irin na masu sayar da waya ko kayan masarufi, kyamara huɗu sun wadatar: ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a kan teburin karɓar kuɗi, ɗaya tana duban kantoci, ta huɗun kuma a waje. Da wannan misalin za mu yi lissafi.

Mataki na farko shi ne kaifin hoto. Kyamarar da aka rubuta wa 1080p, wato mai megafiksel 2, tana da ɗigon hoto 1920 a faɗinta, kuma ƙa'idar da masu aikin suke bi ita ce ana buƙatar ɗigo 250 a kowace mita kafin a shaida fuskar baƙo. Idan aka raba, za a ga cewa faɗin wurin da take ɗauka bai kamata ya wuce mita bakwai da rabi ba. Wannan ya isa cikin shago sarai, amma ta waje, wadda za ta ɗauko titi, gara ta kasance mai megafiksel 4. Ta bakin ƙofa kuwa kada a kai ta can saman rufi, domin abin da za ta riƙa ɗauka hula ne da ɗankwali. A kafa ta sama da kan mutum kaɗan, tana fuskantar mai shigowa.

Daga nan sai ganin dare, kuma a nan ne aka fi yin asara. Yawancin kyamarori suna da ƙananan fitilun infared da suke ba da hoto baƙi da fari har nisan mita 20 zuwa 30. Hasken yana dawowa idan ya bugi gilashi ko farin bango da ke kusa, sai hoton ya yi fari fat a gefe guda, sauran ya dushe. Saƙar gizo-gizo da ƙurar hunturu ma haka suke yi, don haka a riƙa goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi. Akwai masu ba da hoto mai launi da dare, waɗanda suke nuna kalar riga ko ta babur, sai dai suna buƙatar ɗan haske a wurin. A ganina bai kamata a kammala biyan mai haɗawa ba sai an kashe fitilun shago, an sa wani ya shigo da sauri, sannan a duba abin da na'urar ta naɗa. Idan fuskarsa ta narke saboda motsi, kyamarar ba ta yi ba.

Mataki na uku shi ne ajiya. Kyamara mai 1080p da aka saita a kan H.265, wato tsarin matse hoto don rage cin wuri, tana cin kimanin gigabait 22 a rana, huɗu ke nan kusan 88, wanda yake nufin faifan ajiya mai terabait 1 zai cika cikin kwana 11, sannan sabon hoto ya fara goge tsoho. Tun da sau da yawa ba a gane ɓatan kaya sai ranar ƙidaya, terabait 2 ya fi dacewa. A nemi faifan da aka ƙera musamman don kyamara, kuma a ɓoye na'urar DVR, wadda ke naɗar hoton, a cikin akwati mai makulli da iska ke shiga, domin ɓarawon da ya san aikinsa ita yake fara ɗaukewa.

Duk waɗannan ba su da amfani idan an ɗauke wuta na'urar ta mutu, shi ya sa nake ganin a ware kuɗin batir tun kafin a zaɓi kyamara. Kowace kyamara tana jan kimanin wat 5 da dare, DVR da faifansa kimanin wat 20, jimilla wat 40. Daga rufe shago zuwa buɗewa, a ce awa 12, ana buƙatar ƙarfin da ya kai wat 480 na awa guda. Batir mai 12V da 100Ah yana ɗauke da wat 1200 na awa guda, amma irin mai ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa, don haka guda ɗaya zai kai safiya idan ba a jona masa fanka ko firji ba. A haɗa shi da caja mai kyau ko farantin sola, a sa abin kariya daga wuta mai ƙarfi. Alamar ƙarancin wuta ita ce hoto ya yi kyau da rana, amma da magariba ta yi, fitilun infared suka kama, ya fara rawa ko ya ɗauke. Galibi adafta ce ta yi ƙanƙanta, ko wayar wutar ta yi siriri ga tsawonta.