Idan kaya masu yawa sun makara, ka riga mai kaya magana

Ka aika saƙon ban haƙuri tun ranar da ka tabbatar kayan za su makara, kada ka jira mai kaya ya kira ka, domin shirun da ka yi ya fi jinkirin ɓata masa rai. Ga irin wanda nake rubutawa:

“Hajiya, don Allah ki yi haƙuri. Atamfofi 50 da na yi alkawarin kawowa ranar Litinin ba za su iso ba sai Alhamis, saboda motar ta lalace a hanya. Kuɗin mota na ɗauke miki, idan kuma Alhamis ba ta yi miki ba, zan mayar miki da kuɗinki yau.”

Kada ka ambaci ranar da ba ka tabbatar da ita daga direba ba. Idan kuwa ankon biki ne kuma ranar ta wuce, rangwame ba zai gyara komai ba, sai ka kira ta da bakinka ka mayar da kuɗin gaba ɗaya.