Yadda Ake Duba Wa Marubuci Labarinsa Ba Tare Da An Ƙwace Masa Alƙalami Ba

Idan aka turo maka labari aka ce "don Allah a duba min", hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe shi ka hau gyara, ka sauya jimloli, ka mayar da shi tas. Mai labarin zai yi godiya, amma bai san me aka taɓa ba, bai kuma san dalili ba. Rubutunsa na gaba zai zo da kurakuran nan dai, sannan muryar da ke cikin wannan ta zama taka.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi. A ce wata ƙanwarka ce daga Sakkwato ta rubuta gajeren labari za ta shiga Hikayata, gasar da Sashen Hausa na BBC ya fara shirya wa mata a 2016, inda ake neman labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500. Nata ya kai 1,900. Labarin wata Talatu ce da mijinta ya rasu, 'yan'uwansa suna neman sayar da gidan da take ciki da 'ya'yanta.

Fara da tambaya kafin karatu

Tambaye ta abu biyu: wane irin dubawa take so, kuma yaushe za ta miƙa? Wadda ta rage kwana biyu ba a ce mata ta rushe ginin labari. Wadda ke da wata guda kuwa, ɓata lokaci ne a tsaya mata kan waƙafi alhali tsakiyar labarin na rawa.

Karatun farko, hannu a aljihu

Karanta shi daga farko har ƙarshe ba ka gyara ko harafi ɗaya ba. Abin da za ka riƙa lura da shi kawai shi ne kanka: ina hankalinka ya tafi wani wuri, ina ka koma baya don ba ka gane ba, ina ka ji ba ka son ajiyewa. Da ka gama, rubuta abin da labarin ya ƙunsa a jimla ɗaya ka tura mata: "Na fahimci labarin mace ce da ta ƙi yarda a raba ta da gidan marayunta." In ta ce a'a, ita kan zumuncin Talatu da kishiyarta ta yi niyyar rubutu, to ka gano babbar matsalar tun ba ka taɓa komai ba.

Babba kafin ƙarami

A labarin Talatu, kalma 600 na farko sun tafi wajen wayewar gari, shara, dama koko da jero asalin mijin. Sai a shafi na uku ƙanen mijin ya yi sallama da maganar gida. A nan hannu ke ƙaiƙayi. Kana ganin inda za ka datse, cikin minti biyar ka gama, har adadin kalmomin ya dawo daidai. Kada ka yi.

Rubuta mata inda abin yake, abin da ya yi maka a matsayinka na mai karatu, sannan ka bar mata tambaya:

"Ƙanwata, sai da Malam Sani ya yi sallama a shafi na uku na gyara zama. Kafin nan ina ta jiran abin da zai faru. Tunda kina da rarar kalma 400, me za a rasa in labarin ya fara daga sallamar tasa? In akwai abin da dole mu sani game da mijin, ko zai iya fitowa a cikin gardamar da za su yi?"

Kwatanta wannan da "farkon bai yi armashi ba". Gaskiya ce, amma ba ta nuna mata inda za ta sa hannu. Ita ma "Masha Allah, ya yi kyau" da muke yawan turawa don gudun ɓacin rai haka take. In za ka yaba, nuna wurin: "Inda Talatu ta ci gaba da tsince shinkafa ba ta ɗago kai ba yana mata maganar kuɗi, nan na ji zafin abin. Kar ki taɓa shi." Marubuci na buƙatar sanin abin da zai bari kamar yadda yake buƙatar sanin abin da zai cire.

Akwai kuma abin da ka ɗauka kuskure ne, alhali ba ka da tabbas. A shafi na huɗu Talatu ta tafi biki wata biyu bayan rasuwar, ga shi takaba wata huɗu da kwana goma ce. Mai gyaran shiru zai mayar da "wata biyu" ya zama "wata biyar" ya wuce. To idan da gangan ta yi, don dangin miji su samu abin kama Talatu da shi fa? Ka kashe mata tarkon da ta ɗana. Tambaya za ka yi: "Lissafi ne ya kuɓuce, ko so kike mu ga ta karya takaba? In na biyun ne, babu wanda ya tanka a labarin, mai karatu zai zata mantuwa ce."

Manyan batutuwa kada su wuce uku a zagaye ɗaya. Wanda aka jibga wa ashirin ba ya sanin ta inda zai fara, sai ya gyara masu sauƙin ya bar na gaske.

Ƙa'idojin rubutu: gyara biyu, faɗi doka

Za ka tarar da "zata tafi", "yace", "dashi" sun cika shafi. Gyara biyu ko uku ta gani: "za ta tafi", "ya ce", "da shi". Sai ka ce mata irin wannan na nan ko'ina, ta bi sauran da kanta. Haka ma haruffa masu lanƙwasa, domin "kafa" daban, "ƙafa" daban.

Amma ka bambance kuskure da karin harshe. In tsohuwa a labarin ta ce "ɗiyata, ki tahi gida", ba a mayar da ita "'yata, ki tafi gida". Bakin tsohuwar ke nan, da shi muke gane daga ina ta fito. Bayanin mai ba da labari ne ake auna wa daidaitacciyar Hausa. Na sha ganin editoci sun mayar da kowa Bakano a labarin da aka gina a Gobir, suna ganin taimako suka yi.

Bar sawu a duk inda ka taɓa

In a Word ne, kunna Track Changes da `Ctrl+Shift+E`, ka sa sharhi a gefe da `Ctrl+Alt+M`. A Google Docs, koma Suggesting. Ta haka kowane canji na fitowa fili, ita ke karɓa ko ta ƙi. In ta WhatsApp aka turo, kamar yadda aka fi yi, kwafo jimlar, ka rubuta maganarka a ƙarƙashinta. Saƙon murya na da daɗi wajen sassauta magana mai nauyi, sai dai ba a iya bin sa layi-layi lokacin gyara, don haka haɗa shi da rubutu.

Wani lokaci bayani ba ya isa sai an nuna. Babu laifi ka sake rubuta jimla ɗaya, ka ce misali ne, ta yi nata. Jimla ɗaya, ba sakin layi biyar ba, balle a rubutun gasa da ake son a auna hannunta.

In ta dawo da shi

Duba batutuwa ukun nan kawai. Wataƙila ta yanke farkon, ta bar bikin yadda yake, ta ƙara wata gwaggo da ke yi wa Talatu gori a kai. Ba haka za ka warware shi ba da kai ne, amma ya warwaru, sai ka wuce. In ta ƙi shawararka ta kawo dalili, labarinta ne. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne ta karɓi komai ba musu, ko ka ga karin maganar da ka saba yi ta fara fitowa a bakin Talatu. In ka ga haka, a zagaye na gaba rage shawara, ka tsaya ga tambayoyi, sai a karatun ƙarshe kafin miƙawa ka tsince mata kurakuran bugu, su ma da Track Changes a kunne.