Yadda za ki tsare kuɗin gida idan maigida yana ɓoye asarar caca

Yawancin matan da na gani cikin wannan hali, da sun gano maigida yana buga caca a waya sai su fara da rigima, ko su ɓoye ƴan canji a ƙasan adaka su ɗauka shi ke nan. Alhali kuɗin ta waya yake zurarewa, kuma ta nan ya kamata a fara toshewa.

Ki fara tabbatarwa ba tare da kin taɓa wayarsa ba. Alamun a bayyane suke: kuɗin cefane yana raguwa ranar Asabar da Lahadi, lokacin da ake buga ƙwallon Turai, yana yawan zuwa wurin mai POS, ya sayar da buhun gero bai ce ga abin da ya saya ba, ko masu bin bashi su fara sallama a ƙofar gida. Binciken waya a ɓoye ba ya haifar da komai sai faɗa, saƙon banki kuwa ya riga ya goge.

Sai babban aikin, wanda nan ne mata suke faɗuwa. A ƙauyukanmu mace da yawa asusunta a kan layin mijinta aka buɗe, ko shi ke riƙe da katinta don shi ke zuwa gari. Duk wanda layin yake hannunsa kuma ya san lambar sirri, shi ne mai kuɗin, ko da sunanki ne a takarda. Don haka ki yi rajistar sabon layi da lambar NIN ɗinki ke kanki, ki je banki da ƙafarki a mayar da asusun kan wannan layin. Ki canza lambar sirri, kuma kada ki sa shekarar haihuwar yaro ko ƙarshen lambar waya, don su zai fara gwadawa. Wurin mai POS ki danna da hannunki, kada ki faɗa da baki. Kuɗin mota zuwa Wudil ko Haɗeja zai yi miki ciwo, amma sau ɗaya ne. In ba ki iya karatu ba, ki tafi da ƙanenki ko ƴarki, ban da abokin maigida.

Kada kuma ki ba shi BVN ko NIN ɗinki, kada ki tsaya ya ɗauki hoton fuskarki a wayarsa da sunan wai tallafi ne za a cike. Da waɗannan ake cin bashin manhajar waya, kuma sunan wanda aka sa shi za a bi.

Bayan wannan sai abinci. A ganina kuɗin hannu ba ya kwana a gidan da ake caca, gara ki mayar da shi abin da ba a turawa ta waya. Ki yi lissafi tun da kaka. A ce gidanku tiya ɗaya ake ci a rana: tiya 30 ke nan a wata, tiya 300 a wata goma kafin sabon hatsi ya iso. In buhunku yana cin tiya 40, buhu bakwai da rabi kuke buƙata. Ki roƙi a ware wannan a gaban mahaifinsa ko yayansa, a ce na ci ne, ba na kasuwa ba. Abin da kika samu na ƙuli-ƙuli ko ɗinki ki zuba a adashi, ranar kwasa ki karɓa da kanki, ki sayi tunkiya ki kai kiwo gidanku.

Ki sani sadakinki da gadonki da ribar sana'arki naki ne a shari'a, ci da sha da sutura kuwa a wuyansa suke. Saboda haka kada ki sayar da akuyarki ki biya masa bashin caca. Duk wadda ta biya na farko, na biyu yana tafe, don mai caca gani yake wasa ɗaya ya rage ya mayar da abin da ya rasa.

Maganar da shi ta zo a ƙarshe, bayan kin gama ɗaure kayanki, a lokacin da ba fushi. Ki ce, "Maigida, hatsin nan ba zai kai mu damina ba, ina so mu ware na yara." In ya musa, ki sa waliyyinki ko limamin da yake jin nauyinsa. In abin ya ƙi, akwai mai unguwa da ofishin Hisba na ƙaramar hukuma, suna yin sulhun ma'aurata, kotun shari'a kuma tana sauraron ƙarar rashin ciyarwa. In kuwa mai saurin hannu ne, kada ki tare shi ke kaɗai, ki fara zuwa gida ki sanar da manya.