Babi na shida: Sifikar da take faɗin shigowar kuɗi a rumfa

Darasi na ɗaya

To jama'a, wannan 'yar na'urar da kuke gani a teburin wasu 'yan kasuwa a kasuwannin Taminus da Farin Gada na Jos, babu kuɗi a cikinta ko sisi. Abin da ke ciki batir ne da sifika da kuma sim irin na waya, wasu kuma da wayifai suke aiki. Ranar da aka ba ka ita an ɗaure ta da akawun ɗinka guda ɗaya, wato lambar nan goma da ka manna a rumfa.

Ga yadda abin yake tafiya. Kwastoma ya yi turansfa daga wayarsa, bankinsa ya cire kuɗin ya tura, in bankinku ba ɗaya ba ne sai kuɗin ya bi ta NIBSS, su ne suke haɗa bankunan Najeriya, sannan ya sauka a akawun ɗinka. Sai ya sauka tukuna bankinka yake aika wa na'urar saƙo ta netwok, ita kuma ta ɗaga murya ta faɗi adadin. Kenan wayar kwastoma ba ta magana da na'urarka sam, ko ya manna wayar a jikinta ba za ta ce uffan ba. Bankinka kaɗai take saurara, shi ya sa mai alat na bogi ba ya iya sa ta magana.

Darasi na biyu

Nan ne kowa yake tuntuɓe, don haka a hankali za mu bi, kar kowa ya ji kunya. Dokar ita ce kaya na hannunka har sai ta yi magana, kuma ka ji nawa ta ce. Abu biyu ne fa. Ta yi magana, ɗaya. Nawa ta ce, biyu.

Misali kana sayar da tumatir a Farin Gada, wata ta ɗauki na Naira 8,500. Ta danna wayarta ta juyo maka da ita, ga koren risit, ta ce "Malam ya tafi." Kar ka miƙa leda. Ka ce "To Hajiya, bari mu ji ta faɗa." Ba rashin kunya ba ne, ba kuma zarginta ka yi ba. Can na'ura ta yi ƙara ta ce 850. Ashe sifiri ɗaya ya faɗi lokacin da take rubutawa, risit ɗin na gaske ne amma kuɗin bai cika ba, saura 7,650. In ƙarar kawai ka ji ka gyaɗa kai, wannan 7,650 ɗin ya bi ta cikin kasuwa kuma ba ka san gidanta ba.

Mu sake. Ƙara kawai ba ta isa ba, adadi za ka ji. In hayaniya ta hana ka ji, mai baro na ihu, janareta na ruri, yawancin na'urorin nan suna da maɓallin da ke maimaita kuɗin ƙarshe da ya shigo, ka sa wanda ya kawo maka ita ya nuna maka shi, ka danna ka kara kunne. Ba ka ji ba ka sake dannawa. In da Turanci take magana kuma lambobin na rikita ka, duba akawun a wayarka ka ƙirga sifiri da yatsa, ba laifi, da haka kowa ya koya.

Amma don Allah, sau nawa zan faɗa? Har yanzu ina ganin masu miƙa kaya ido na kan wayar kwastoma, wai don layi ya yi tsawo. Layin ya jira mana! Kuma in mutum biyu suka tura lokaci ɗaya murya biyu za ka jira, kar ka ji guda ɗaya ka sallami duka biyun. Sai ta yi magana, sai ka ji nawa, sannan leda ta bar hannunka.

Darasi na uku

In ta yi shiru ba lallai ƙarya kwastoma ya yi ba. Wataƙila caji ya ƙare, ko netwok ya ɗauke, ko kuɗin ya maƙale a hanya, ko kuma ka ba shi wata lambar akawun ɗinka wadda ba ita aka ɗaure da na'urar ba. Buɗe akawun a wayarka, taka fa ba tasa ba. In kuɗin na nan sallame shi. In babu ya ɗan jira, kar ka sa shi ya sake turawa nan take, don in duka biyun suka shigo daga baya kai ne da wahalar mayarwa.

Darasi na huɗu

Ku sa mata caji da dare. Ku ɗaga ta daga inda ruwan sama ke fesowa. In kun canza akawun ku je a sake ɗaure ta.