Darasi na Bakwai: Fitar da Takardar Ƙa'idar Rubutu Daga Tsofaffin Takardunku

A ce ƙungiyarku ta manoma ta shekara biyu tana fitar da sanarwa. Wata sakatare ne ya rubuta, wata ma'aji, wata kuma yaron da ke buga takardu a kasuwa. Idan aka jera su a kan tabarma, sai a ga kamar ƙungiyoyi uku ne suke magana. Maganin wannan shi ne takarda guda mai shafi ɗaya, wadda duk mai rubutu zai duba kafin ya ɗauki biro. Ba daga ka za ku ƙirƙiro ta ba, daga rubutun da kuka riga kuka yi za ta fito.

Ku tattaro takardu kamar goma: sanarwar taro, rasit, takardar gayyata, da saƙonnin waya da aka tura wa membobi. Mutum ɗaya ya riƙa karantawa da ƙarfi, wani kuma ya ja layi a ƙarƙashin duk abin da aka rubuta ta hanya biyu ko fiye.

Ku fara da sunayen abubuwa, domin nan ne rigima take tashi. A ce kuɗin da kowane memba yake biya duk wata ya fito da suna uku: "kuɗin wata" a takardu shida, "gudummawa" a uku, "zubi" a ɗaya. Wanda ya ga "gudummawa" zai ɗauka ganin dama ce, in ya so ya bayar, in bai so ba ya bari. Wadda ta ga "zubi" za ta zaci adashi ne, ta zauna jiran ranar kwasarta. To, "kuɗin wata" ya fi yawa, kuma shi ne ya faɗi abin da ake nufi, sai a tsayar da shi. A takardar ƙa'ida a rubuta: "Kuɗin wata muke cewa. Gudummawa sai abin da mutum ya bayar don ra'ayin kansa, kamar na jaje ko na biki." Haka za ku yi wa "bashi" da "rance", da "shugaba" da "ciyaman".

Wajen rubutun kalmomi kuwa, a yi hattara da ƙirga. Rinjaye yana raba gardama ne kawai inda duka biyun suke daidai, kamar "Nijeriya" da "Najeriya", waɗanda duk ana ganin su a jaridu. Amma ko da takardu tara sun rubuta "kudi" da "kungiya", kuskure ne, waya ce ta hana ƙugiya fitowa. Sanarwar da ta ce "za a karbi baki" a maimakon "za a karɓi baƙi" tana sa sabon mai karatu ya yi turus. Haka nan "za mu", "ya ce" da "shi ne" a rabe suke, "gidansa" da "kuɗinmu" kuwa a haɗe. Idan kuna da membobi a tsallaken iyaka, ku sani a Nijeriya ana rubuta 'ya'ya da 'y, a Nijar kuma da ƴ. Ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kansa. Kuɗi ma a ba shi siffa guda: ₦5,000, kada yau N5000, gobe "dubu 5".

Murya ta fi wuyar kamawa, shi ya sa na ce a karanta da ƙarfi. Ku saurari yadda takardun suke kiran mutane. Wata ta ce "Ana sanar da membobi", wata "Muna sanar da ku", wata kuma "Duk wanda bai zo ba ya kuka da kansa". Ku tambayi dattawan ƙungiya wacce ta fi kama da yadda kuke magana a taro. Ni dai na fi son "mu" da "ku", saboda akwai girmamawa a ciki, kuma ta haɗa maza da mata ba sai an ce "ka ko ki" ba. Kada ku rubuta "a yi ladabi" kawai, domin kowa da yadda yake fahimtar ladabi. Ku kwafo jimla guda daga takardunku wadda kowa ya yaba, ku sa ta a matsayin misali.

Kada takardar ta wuce shafi ɗaya, kuma abin da ba ku taɓa saɓani a kansa ba, ku bar shi a waje. A sa mata kwanan wata, a liƙa kwafi a bangon littafin sakatare, a ba mai buga takardu nasa.

Aiki: ku kawo takardu uku daga ƙungiyarku ko shagonku mako mai zuwa. Kowa ya nemo abu biyar da aka rubuta ta hanya biyu, ya zaɓi ɗaya, ya faɗi dalilinsa a gaban aji.